Ciniki Ɗaya, Riba Kala Uku: Yadda Ake Lissafin Ribar Kirifto

Mai hada-hadar kirifto ba ya yawan sayen kayansa a rana ɗaya. Yau ya ɗan samu sarari ya saya, bayan wata biyu farashi ya faɗi ya ƙara, farashi ya tashi ya sake ƙarawa don kada a bar shi a baya. Rigima ba ta tasowa sai ranar da ya sayar da wani kaso. A nan ne za a tambaye shi: wanda ka sayar ɗin nan, nawa ka saye shi?

A ɗauki misalin wata 'yar kasuwa da ta sayi kuɗin ETH sau uku. Shekara biyu da suka wuce ta sayi guda biyu a kan dala 1,000 kowanne. Wata takwas da suka wuce ta ƙara ɗaya a dala 2,500, sannan wata uku baya ta sake sayen ɗaya a dala 3,500. Tana da guda huɗu ke nan, uwar kuɗinta dala 8,000. Yau ta sayar da guda ɗaya a dala 3,000.

Hanya ta farko ita ce ta matsakaicin farashi. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau da ya juye masarar kaka da ta bazara a rumbu ɗaya: ba ya iya cewa wannan mudun na wane buhu ne, sai dai ya haɗa kuɗin duka ya raba. Dala 8,000 a raba gida huɗu, kowane ETH ya tsaya mata a dala 2,000, ribarta dala 1,000. Akwai kuskuren da mutane ke yawan tafkawa a nan. Sai su haɗa farashin nan uku su raba gida uku, su samu dala 2,333, sun manta cewa sayen farko guda biyu ne. Da yawan kayan ake rabawa, ba da yawan zuwa kasuwa ba. La'adar da dandalin ciniki ya cira lokacin saye ita ma cikin uwar kuɗi take shiga.

Hanya ta biyu kuwa, kowane saye yana zaman kansa da ranarsa da farashinsa, mai kaya ya nuna wanda ya fitar. Idan matar nan ta ce na farko ta sayar, ribarta dala 2,000 ce. Idan na tsakiya ne, dala 500. Idan kuma ta ce na ƙarshe ne, mai tsadar nan, to ba riba ma ta ci ba, asarar dala 500 ta yi a rubuce, alhali kuɗin da ya shigo hannunta bai sauya da ko sisi ba.

Wannan ne ke ruɗin mutane har su ɗauka sun gano dabarar ɓatar da haraji. Ba haka ba ne. A ce daga baya ta sayar da sauran ukun a dala 3,000 kowanne, ta karɓi dala 9,000. A lissafin matsakaici, uwar kuɗin da ta rage dala 6,000 ce, ribar dala 3,000, a haɗa da ta farko ta zama 4,000. A lissafin wadda ta fara fitar da mai tsada, abin da ya rage mata masu arha ne, dala 4,500 kacal, don haka ribar ta kumbura zuwa 4,500, a cire asarar 500 a dawo 4,000 daidai. Jimillar riba ba ta motsi. Abin da ke sauyawa shi ne shekarar da ribar za ta bayyana, da kason harajin da zai hau kanta.

Kuma ba mai kaya ne ke da ta cewa a ko'ina ba, dokar ƙasar da yake biyan haraji ce.

A Birtaniya, hukumar haraji ta HMRC ta ɗora mutane a kan matsakaici: kowane nau'in kirifto yana da tukunyarsa ɗaya da ake zuba dukkan saye a ciki. Sai dai an sa shinge biyu. Abin da aka saya a ranar da aka yi sayarwa, da shi ake fara haɗa cinikin. Bayansa sai abin da aka sake saya cikin kwana 30 da sayarwar. Da matar nan a Landan take, ta sayar a 3,000 kuma bayan mako guda ta sake saye a 2,900, ribar wannan cinikin 100 ce kawai, tukunyarta kuma tana nan yadda take. An yi dokar ne don toshe masu sayarwa yau su rubuta asara, gobe su mayar da kayansu. Kanada ma matsakaici take bi.

Amurka ta bi ɗaya hanyar. Tun 2014 hukumar IRS ta ayyana kirifto a matsayin kadara, kuma ba ta yarda da matsakaicin farashi a kansa ba. Mutum na iya zaɓar wanda ya sayar, amma da sharaɗi: ya ayyana shi kafin cinikin ko a lokacinsa, da shaidar ranar saye da farashi, ba wai sai ƙarshen shekara ya zauna ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi ba. Wanda bai ayyana ba, doka za ta ɗauka wanda ya fara saya shi ya fara fita. Daga 1 ga Janairun 2025 kuma, lissafin ya koma asusu-asusu. Ba dama mutum ya sayar daga wannan walat ya jingina da farashin kuɗin da ke ajiye a wancan.

Ko a Amurkan ma, fitar da mai tsada ba kullum ne ya fi sauƙi ba. Abin da aka riƙe fiye da shekara guda harajinsa kashi 0 ne ko 15 ko 20 cikin ɗari, gwargwadon samun mutum, wanda bai kai ba kuwa ana caje shi kamar albashi, har zuwa kashi 37. A ce farashi ya kai dala 8,000, matar kuma tana cikin masu biyan kashi 24 a kan albashinsu. Tsohon sayenta zai ba da ribar 7,000, harajinta a kashi 15 dala 1,050. Sabon sayen zai ba da ribar 4,500 kawai, amma harajin dala 1,080. Ribar da ta fi ƙanƙanta ita ta fi cin kuɗi.

Batun ya shafi masu ciniki a Kano da Kaduna ma, domin Dokar Kuɗi ta 2023 ta shigar da kadarorin dijital cikin abubuwan da ake biyan harajin riba a kansu a Najeriya. Kuma ko ba don haraji ba, wanda ke juya kuɗin 'yan'uwa ko abokai yana bukatar hanya ɗaya da aka amince da ita tun farko, domin in ya riƙa sauya hanya daga ciniki zuwa ciniki, zai ƙirga uwar kuɗi ɗaya sau biyu. Gane hakan ba wuya: a haɗa uwar kuɗin abin da aka sayar da ta abin da ya rage. In jimillar ba ta yi daidai da abin da aka kashe tun farko ba, akwai ɓaraka a lissafin.

Ga mai ƙananan saye da yawa wanda dokar ƙasarsa ta ba shi dama, matsakaici ya fi kwanciyar hankali. Zaɓen saye ɗaya-ɗaya sai mai cikakken rubutu. Kowacce hanya za a bi, ya kamata mai kirifto ya rubuta rana, da adadi, da farashi a kuɗin ƙasarsa, da la'ada, da asusun da kayan ke ciki, a ranar da ya yi cinikin, har da ranar da ya musanya wani kuɗi zuwa USDT, domin a Amurka da Birtaniya wannan musayar ma sayarwa ce.