Jan Launi A Teburin Ciniki

A ce kuna da shago, burin cinikin kowace rana yana E1, naira 50,000, cinikin kwanaki kuma yana B2 zuwa B31. A Excel, ku zaɓi waɗannan gidajen, ku shiga Conditional Formatting, sai New Rule, ku ɗauki zaɓin rubuta dabara, ku sa wannan:

```
=AND(B2<>"",B2<$E$1)
```

Daga nan ku zaɓi ja a Format.

Alamar $ ce ke daure E1 wuri guda. In babu ita, layi na biyu zai koma duba E2, wanda babu komai cikinsa. Sashen farkon dabarar kuwa yana hana ranakun da ba a cike ba yin ja, domin Excel yana ɗaukar gidan da ba komai a matsayin sifiri.