Yadda Ake Tace Dogon Taro Ya Koma Shafi Ɗaya

Taron ƙungiyar iyaye da malamai na awa biyu, idan aka kwafe shi daga rikoda, yakan cika shafuka masu yawa. Sakatare ba ya bin wanda ya fara magana. Batutuwan ajanda yake bi. Ƙarƙashin kowane batu, sai ya nemo inda shugaba ya ce an amince, domin shawara daban, matsaya daban.

A ce an daɗe ana muhawara kan rufin aji. Abin rubutawa kaɗan ne: "An amince a gyara rufin. Ma'aji zai kawo farashin kwano ranar Asabar."

Duk aikin da ba a ɗora wa kowa ba, ba a sa masa rana ba, zai kwana. Kafin ka raba, sake sauraron wuraren kuɗi da sunaye.