Yadda Ragar Jijiyoyi Take Koyo Daga Kuskurenta: Gwaji da Jinsin Sunaye na Hausa

Malamai da yawa sun sha jin ana cewa na'ura ta koyi fassara, ko ta koyi karanta Hausa, amma kaɗan ne aka bayyana musu abin da ake nufi da koyon. Nufina a wannan takarda in nuna shi da ƙaramin misali wanda mai karatu zai iya bi da fensir, ba sai yana da kwamfuta ba.

Abin da ake kira ragar jijiyoyi ba nama ba ne, lissafi ne. An ba ta sunan ne don waɗanda suka fara tsara ta, Warren McCulloch da Walter Pitts, a 1943, sun kwaikwayi yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke miƙa wa juna saƙo. A 1958 Frank Rosenblatt ya bayyana wani tsari mai gyara kansa in ya yi kuskure, wanda ya laƙaba wa suna fasaftaron. Dokarsa ce za mu gwada a nan.

Aikin da za mu ba ta

Kowane Bahaushe ya san ana cewa "riga ce", amma "doki ne". To, muna so na'ura ta dubi suna tilo, ta zaɓi dirkar da ta dace da shi, ne ko ce. Ita ba ta san riga ba, ba ta san doki ba, sai alamun da muka nuna mata. Bari mu ba ta biyu. Ta farko, ko sunan ya ƙare da wasalin a, gama yawancin sunaye na tamata haka suke ƙarewa. Ta biyu, ko sunan gari ne, gama sunayen garuruwa tamata ne ko da wane harafi suka ƙare, shi ya sa ake cewa "Kano ce".

Kowace alama tana da wata lamba da ake kira nauyinta, watau gwargwadon yadda ake jin maganarta wajen yanke hukunci. Akwai kuma nauyi na uku da ake sawa a kan kowace kalma, ko tana da alama ko ba ta da ita. Mu kira shi nauyin tushe. In an kawo kalma, sai a tara nauyin alamun da ke jikinta da na tushe. In jimla ta haura sifiri, amsa ce. In ba ta haura ba, amsa ne.

Dokar gyara kuwa ita ce wannan. In ta amsa daidai, ba a taɓa kome. In ta ce ne alhali ce ya kamata, jimla ta yi kaɗan ke nan, sai a ƙara 1 a kan nauyin tushe da nauyin kowace alama da ke jikin kalmar. In ta ce ce alhali ne ya kamata, sai a rage 1. Alamar da ba ta jikin kalmar ba ta da laifi, don haka ba a taɓa nauyinta.

Gwajin, daki daki

Mu fara da nauyi duka uku a sifiri. Kalma ta farko, riga. Jimla 0, na'ura ta ce "riga ne". Kuskure. Nauyin wasalin a ya zama 1, na tushe ya zama 1.

Ta biyu, doki. Ba shi da alama ko ɗaya, saura nauyin tushe, watau 1. Ta ce "doki ce". Kuskure, sai nauyin tushe ya koma 0.

Ta uku, Rigacikun, garin nan da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Bai ƙare da a ba, nauyin gari kuwa har yanzu 0 ne, don haka ta ce "Rigacikun ne". Kuskure. Nauyin gari ya zama 1, na tushe ya sake zama 1.

Ta huɗu, littafi. Jimla 1, ta ce "littafi ce". Kuskure, nauyin tushe ya koma 0.

Yanzu nauyin wasalin a 1 ne, na gari 1, na tushe 0. A kawo hula: jimla 1, ce, daidai. Kano: 1, daidai. Wando: 0, ne, daidai. Zariya tana da alamun duka biyu, jimla 2, ce, daidai. In aka koma kan kalmomi huɗu na farko ma, duk za ta same su. Ba wanda ya rubuta mata ƙa'idar nahawu, amma kurakurai huɗu sun tura lambobin har sun tsaya inda ƙa'idar take. Abin da ake kira koyo ke nan, ba ƙari. Ana iya taƙaita dokar a layi ɗaya:

sabon nauyi = tsohon nauyi + (taki × kuskure × alama)

A nan alama 1 ce in tana nan, 0 in babu. Ana lissafa ce a matsayin 1, ne a matsayin 0, kuskure kuwa shi ne amsar gaskiya a debe amsar na'ura. Taki shi ne girman gyaran, wanda muka ɗauka 1.

Inda abin yake cijewa

Sai mu kawo mata gida. Ya ƙare da a, jimla 1, ta ce "gida ce". Doka ta sa a rage: nauyin wasalin a ya koma 0, na tushe ya zama −1. To, a sake kawo riga, jimla −1, ta ce "riga ne". An gyara gida, an ɓata riga. In aka gyara riga, lambobin su koma inda suke dā, gida ya sake ɓacewa. Haka za ta yi ta kai da kawowa ba iyaka, kuma ruwa da nama da suna duk za su jawo irin wannan.

Laifin ba na dokar ba ne. Ta fuskar alamun nan biyu, gida da riga abu ɗaya ne, ba kuwa nauyin da zai raba abin da bai bambanta ba. Alamar wannan ciwo ita ce a ga yawan kuskure ya ƙi raguwa, nauyi ɗaya yana hawa yana sauka.

Magani iri biyu ne. Na farko, a rage taki, a kuma bar na'ura ta ba da amsa tsakanin 0 da 1 maimakon i ko a'a. A ce ta ba gida 0.8, gaskiya kuwa 0 ce, kuskure −0.8 ke nan. In taki 0.1 ne, abin da za a rage 0.08 ne kawai. Ta haka kalma ɗaya ba ta rushe abin da ɗari suka gina, nauyin ya zauna wajen rinjaye. Wannan yana kawo natsuwa, amma gida yana nan a kuskure. Taki in ya yi ƙanƙanta ainun kuma, koyo ya yi ta jan ƙafa.

Na biyu, a ƙara mata abin gani. Maimakon alamu biyu, a ba ta haruffan kalmar duka, da kalmomin da ke kewaye da ita a jimla. Sai dai nan ma akwai iyaka. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka nuna akwai ayyukan da raga mai hawa ɗaya ba za ta iya ba, kome yawan misalai, kamar inda kowace alama ita kaɗai take nufin i, amma haɗuwarsu take nufin a'a. Dole a sa wani hawa a tsakiya, na ƙananan masu tara jimla, su karɓi alamun, su miƙa sakamakonsu ga mai yanke hukunci.

Raba laifi

Da zuwan hawan tsakiya wata tambaya ta taso. Mun san amsar da ta kamata a ƙarshe, amma ba wanda ya san abin da ya kamata na tsakiya su faɗa. To, wa za a gyara? Hanyar da David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka yayata a 1986 ita ce mayar da kuskure baya. Ana farawa daga ƙarshe, a auna kuskuren, sa'an nan a raba wa na tsakiya, kowa gwargwadon nauyin da ke tsakaninsa da mai yanke hukunci da kuma yadda motsinsa yake canza amsa. Wanda aka fi jin maganarsa shi ya fi ɗaukar laifi. Shi kuma ya raba nasa kason ga nauyin da ke bayansa. Kowane nauyi sai a matsa shi kaɗan ta ɓangaren da kuskure yake raguwa. Manyan ragogin da ke fassara a yau suna da nauyi miliyoyi, wasu biliyoyi, amma da wannan hanya ake gyara su.

Hadda da fahimta

Raga mai nauyi da yawa tana iya haddace gida da ruwa da nama ɗaya ɗaya, wannan kuwa daidai ne, don ɗan Bahaushe ma haka ya koye su. Haɗarin shi ne ta haddace kome, har ta kasa kalmar da ba ta taɓa gani ba. Malami ya san ɗalibin da ke cin duk tambayar da aka yi a aji, ya faɗi in an sake mata kama. Don haka ake ware wani kashi na kalmomin, a ɓoye, ba a gyara nauyi da su, sai gwaji kawai. In kuskure yana raguwa a kan kalmomin koyo amma ya fara ƙaruwa a kan na ɓoye, hadda ta soma, sai a tsaya.

Wa ya ce kuskure ne?

Saura abu ɗaya, wanda ya fi shafarmu mu masu nazarin harshe. A gwajin nan ni ne na ce "riga ne" kuskure ne, bisa daidaitacciyar Hausa. Amma masana karin harshe sun daɗe da lura cewa a ƙasar Zazzau da Bauci bambancin jinsi ya yi rauni a bakin mutane da yawa, har a ji "mota ne", ko "rigan" a maimakon "rigar". Da a ce misalan an tattaro su daga bakin irin waɗannan masu magana, da nauyin wasalin a bai tashi sosai ba, kuma dokar ba ta yi kuskure ko kaɗan ba. Na'ura ba ta san daidai ba, amsar da aka ba ta kawai take bi.

A Rigacikun ne hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976, kuma malaman da irin wannan cibiya take horarwa su za su tarar da na'urorin duba rubutu a hannun ɗalibansu. Kafin malami ya yarda da jan layin da na'ura ta yi a ƙarƙashin jimlar yaro, ya kamata ya tambayi abu uku: daga bakin wa ko alƙalamin wa aka samo misalan, wa ya sa musu amsa, kuma an gwada ta da kalmomin da ba ta gani ba? Wanda yake so ya tabbatar da abin da aka faɗa a nan, ya ɗauki sunaye ashirin daga littafin karatun ajinsa, ya ja layi uku na nauyi a allo, ya bi dokar tare da ɗalibansa, ya ga a kan wace kalma lambobin za su fara kai da kawowa.