Dalilin sauyawar fuska a gyaran hoto na ƙirƙirarriyar basira

Manhajoji irin su Stable Diffusion ba sa gyara hoto yadda ake goge tabo da hannu. Sukan matse hoton, su zuba masa ɗigo-ɗigon hargitsi, sannan su sake zana shi daga abin da suka koya a tarin hotuna. Mai hoto ya nemi a sauya masa hula kawai, amma fuskar ma ta bi ta wannan hanya. Ƙananan alamomi ne ke fara ɓacewa: tsagar gado a kumatu, wushirya, faɗin hanci. Manhajar takan ɗauki tsaga a matsayin lahani ta share ta, wani lokacin har ta haska fata. Idan aka yi gyara a kan gyara sau biyar, kuskuren taruwa yake yi, har a ƙare da fuskar wani ɗan'uwansa.

Maganin farko shi ne a shata wurin gyara kaɗai, a bar fuska a waje. Sai a rage ma'aunin da ake kira denoising strength zuwa wajen 0.3, domin idan ya kusanci 1 sabon hoto ake zanawa. Kowane gyara a fara shi daga hoton asali. Idan duk da haka fuskar ta sauya, a yanko ta asali a ɗora a kan sabon hoton, a daidaita haskenta.