Matso da Hoto a Hankali a Hirar da Aka Ɗauka da Kyamara Ɗaya

Yawancin hirarrakin bidiyo da kyamara ɗaya ake ɗaukarsu, an girke ta a kan ƙafafunta uku ba ta motsi. Idan mai magana ya yi minti biyar hoton bai sauya ba, idon mai kallo yakan gaji ko da zancen na da daɗi. Ɗaya daga cikin dabarun masu tace bidiyo ita ce su riƙa ƙara girman hoton kaɗan-kaɗan a kwamfuta, ya zama kamar kyamarar ce ke matsowa kusa da fuskar mutumin. Yankan gefen hoton ake yi, ana faɗaɗa abin da ya rage ya cika allo, kuma daga nan iyakar dabarar ta samo asali.

Kowane hoto yana da adadin ƙwayoyin da suka haɗa shi, wato fiksel. Bidiyon 4K yana da 3840 a faɗi da 2160 a tsayi, na 1080p kuwa 1920 da 1080, rabin wancan ta kowane ɓangare. Saboda haka wanda ya ɗauki hira a 4K, alhali a 1080p zai fitar da ita, yana da sararin ninka girman hoton sau biyu ba tare da ya dushe ba. Wanda ya ɗauka a 1080p zai kuma fitar a 1080p ba shi da wannan rara. Zai iya ƙara kamar kashi 10 cikin 100 ba a lura ba, amma da ya wuce haka sosai sai gashin gira da zaren tufafi su fara narkewa. Hirar da aka ɗauka cikin ƙarancin haske ta fi saurin tona asiri, domin ɗige-ɗigen da ke rawa a wuraren duhu su ma girma suke yi.

A ɗauki misalin hirar 4K da aka ɗora a aikin 1080p cikin manhajar Premiere Pro. Hoton yana cika allo daidai idan Scale yana kan 50, kuma 100 ce iyakarsa. A ce mutumin yana ba da amsa ta sakan 12 game da ranar da gobara ta cinye shagonsa. Mai tacewa zai kafa alamar keyframe a farkon amsar da Scale a 50, ya kafa wata a ƙarshenta a 54. Ƙarin kashi 8 cikin 100 ke nan, an shimfiɗa shi a kan sakan 12, don haka mai kallo zai ji ya kusanci mutumin ba tare da ya ga motsin ba. Sa Ease Out a alamar farko da Ease In a ta ƙarshe yana hana motsin tashi ko tsayawa da fizga.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin da hoton ke faɗaɗa daga gare shi. Manhajar tana farawa ne daga tsakiyar hoto, alhali a hira akan ajiye mutum a gefe, idanunsa a sulusin sama. Idan aka bar shi haka, fuskar za ta riƙa zamewa sama da gefe, har hula ko ɗankwali ya taɓo bakin allo. Maganin shi ne a mayar da Anchor Point kan idanu. Idan idanun suna 1280 da 720 a hoton 4K, sai a rubuta waɗannan lambobi a Anchor Point, a sa Position a 640 da 360. Hoton zai ci gaba da cika allo, idanun su tsaya cak, sauran abubuwa su buɗe a kewayensu. Rubutun sunan mai magana kuma a bar shi a layinsa daban, kada ya kumbura tare da hoton.

Bai kamata kowace amsa ta sami wannan motsi ba. Matsowa tana gaya wa mai kallo cewa maganar nan tana da nauyi, to idan aka yi ta a kan gaisuwa da bayanin adireshi, babu abin da zai rage wa maganar gobarar. Bayan an matso kuma sai an koma baya, kuma wurin da ya dace shi ne inda aka yanka zuwa sabuwar tambaya, a dawo 50 kai tsaye. Idan akwai yanka a tsakiyar amsar, kamar inda aka cire tari, ɓangare na biyu ya fara daga lambar da na farko ya tsaya, in ba haka ba hoton zai yi tsalle baya a tsakiyar jimla.