Tawadar kala ta ƙare: shin firinta za ta buga da baƙa kaɗai?

Takardar da ake son bugawa baƙin rubutu ne zalla, tawada baƙa tana nan cike, amma firinta ta kafe wai sai an sayo ruwan ɗorawa. Masu shagon buga takardu sun san wannan takaici. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Me ya haɗa baƙin rubutu da tawadar kala?

Kan firinta ne ya haɗa su, wato ɓangaren nan mai ƙananan ramuka da ke fesa tawada a takarda. Ramukan sun fi gashin kai siranta. Lokaci-lokaci firinta kan tura ɗan tawada ta cikinsu duka, na baƙa da na kala, don kada su bushe su toshe. Idan kala ɗaya ta ƙare aka ci gaba da aiki, iska ce ke shiga layinta. A firintocin HP da Canon, waɗanda ke dafa tawada kafin su fesa ta, tawadar ce kuma ke sanyaya ramukan, in babu ita suna iya ƙonewa. Saboda haka hujjar kamfanonin ba ƙarya ba ce, ko da yake ba a raba ɗaya biyu cewa tsarin yana ƙara musu ciniki.

Ta yaya mutum zai gane irin firintarsa?

A buɗe murfi a ƙirga. Idan katiriji biyu ne, baƙi ɗaya da mai kala uku ɗaya, galibi kan yana jikin katirijin ne. In ya lalace tare za a jefar da su, don haka firintar ba ta cika gardama ba. Idan kuwa huɗu ne ko biyar, kowace kala da nata, to kan yana jikin injin, kuma irin waɗannan ne masu taurin kai.

Masu katiriji biyu, yaya ake yi da su?

HP DeskJet 2130, mai amfani da HP 123, sai a zare katirijin kalar gaba ɗaya a rufe murfi. Kwamfuta za ta nuna saƙon single-cartridge mode, aiki ya ci gaba da baƙa.

Canon PIXMA MG2540S kuwa akasin haka take, kuma nan mutane ke kuskure. In aka cire CL-446 ko motsi ba za ta yi ba, dole a bar shi a mazauninsa ko da babu ɗigo a ciki. Idan ta tsaya tana ƙyafta fitila cewa tawada ta ƙare, sai a danne maɓallin Stop a riƙe na aƙalla daƙiƙa 5. Wannan yana kashe awon tawadar katirijin, daga nan ba za ta sake faɗin abin da ya rage ba. Sannan a kwamfuta a shiga Maintenance, a buɗe Ink Cartridge Settings, a zaɓi Black Only. Wannan zaɓi yana aiki ne idan nau'in takarda yana kan Plain Paper. Da an ce mata takardar hoto ce, sai ta koma haɗa baƙi daga kaloli uku, hoton ya fito a koɗe ko da layi-layi.

Waɗanne ne ke ƙi?

Yawancinsu lamuni suke bayarwa kafin su ƙi. Epson masu katiriji, jerin XP da WF da dama, suna yarda a buga da baƙa na kusan kwana 5, muddin an zaɓi takarda ta yau da kullum da Black/Grayscale, aka kuma bar katirijin da ya ƙare a ciki. Brother takan nuna B&W Print Only, ta yi kusan mako 4, gwargwadon yawan bugu; amma idan aka zare wancan katirijin, lamunin ya ƙare sai an sa sabo. A wasu samfuranta cire filogi ma yana jawo haka, abin da mai fama da ɗaukewar wuta ya kamata ya sani. HP OfficeJet Pro 8610, mai 950 da 951, takan ba da 'yan shafuka ne da tawadar da ta rage a kai, sannan ta tsaya cak.

Masu tanki fa?

Epson L3110 ba ta ganin abin da ke cikin tankinta, mai ita ne zai duba da ido. Ba za ta ƙi ba, kuma haɗarin ke nan: in tawada ta sauka ƙasa da layin ƙasa aka ci gaba, iska ta shiga tiyo, fitar da ita na cin tawada mai yawa, wani lokaci kan ma sai an canza.

Wanda aikinsa baƙin rubutu ne kawai, me ya fi masa?

Firintar leza mai baƙar hoda kaɗai. Babu kalar da za ta nema, hodar kuma ba ta bushewa ko an yi wata ba a kunna ta ba.