Takardar Farashin Kafinta: Abin Da Mai Gida Zai Duba Kafin Ya Ba Da Kuɗin Ƙofofi

Mafi yawan rigimar da ke tashi tsakanin kafinta da mai gida tana farawa ne tun ranar ciniki, lokacin da aka yi magana da baki kawai: "Ƙofa huɗu nawa za ka yi mini?" Kafinta ya faɗi kuɗi, a taya, a sallama. Sai an kawo kaya mai gida ya tarar babu makulli, kafinta kuma ya rantse cewa makulli ba ya cikin ciniki. Takardar farashi, wadda 'yan kwangila ke kira kwateshan, ita ce ke toshe wannan ɓaraka, idan an rubuta ta yadda ya kamata.

Mu ɗauki misali. Wani mai gini a Kano yana son ƙofofin ɗaki huɗu masu fanel, kowace faɗin ƙafa 3, tsawon ƙafa 7. Kafinta ya je ya auna, ya zaga 'Yan Katako a Na'ibawa ya ji farashi, sannan ya rubuto. Alƙaluman nan na misali ne, don kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Bayan kwanan wata da gaisuwa, sai ya fara da katako. Ƙofar fanel mai wannan girma takan ci kusan falanki biyu masu kaurin inci 2, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, don haka ya rubuta falankin maɗaci 8 a kan naira 15,000 kowane, wato 120,000. Firam kuwa yana buƙatar ƙafa 17, gefe biyu da sama. Sanda mai ƙafa 12 ba za ta fitar da gefe biyu ba, dole a sayi biyu ga kowace ƙofa, ko da za a yi ragowa. Takwas ke nan a kan 7,000, sun kama 56,000. Mai gidan da ya san wannan lissafi ba zai zargi kafinta da aringizo ba. Hinji uku-uku 12,000, makulli huɗu 48,000, gam da ƙusa da sandifefa da maganin gara da banish 30,000, kuɗin inji na tsaga da gogewa 20,000. Kayan aiki sun tashi 286,000. Kuɗin hannu 25,000 kowace ƙofa, har da kafawa, ya zama 100,000, dako 14,000. Jimla naira 400,000.

A ganina layin da ya fi kowane nauyi a takardar shi ne na katako. Idan aka rubuta "katako mai kyau" kawai, ba a ce komai ba. Maɗaci da iroko suna da nauyi, suna jure gara, kuɗinsu kuma ya fi na fararen katako irin su obece da malaina nesa ba kusa ba. Bayan an shafa kala an bi da banish, ba kowa ne zai bambanta su da ido ba. Sai dai a ɗaga a ji nauyi, ko a leƙa saman ƙofar da ƙasanta inda buroshi bai cika kaiwa ba. Sannan a rubuta cewa busasshe ne. Ɗanyen katakon da aka haɗa da damina yakan yi kyau ranar da aka kafa shi, amma da hunturu ya shigo sai ya tsotse, fanel ya fara motsi, haske ya riƙa ratsowa ta mahaɗa, wani lokaci ƙofar ta murɗe har harshen makulli ya daina shiga raminsa. Idan takarda ta ce busasshe, gyaran yana wuyan kafinta. Idan ba ta ce ba, sai dai haƙuri.

Makulli ma a faɗi irinsa, don na 5,000 da na 12,000 duk sunansu makulli.

A ƙasan takarda kafinta mai wayo yakan rubuta abin da ba ya ciki: siminti da yashi da kuɗin birkilan da zai cike bakin firam na mai gida ne. Yakan kuma sa wa farashin wa'adi, kamar kwana 14, saboda kuɗin katako na bin kuɗin mota daga Kudu. Wanda ya ajiye takarda wata uku sannan ya dawo da ita, sabon lissafi zai tarar.

Saura kafin alƙalami. Tunda an ware kaya daga kuɗin hannu, mai gida ya san 286,000 ne za su shiga kasuwa, su zai fara bayarwa. Cikon kuma a raba shi: rabi idan an kawo ƙofofi, rabi bayan an kafa, an buɗe an rufe kowace, an gwada makullanta. A rubuta ranar kawo aiki, su biyun su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi ɗaya.